Na daina cin naman sa na koma kaza, amma zuciyata ba ta kwanta ba

Anti, barka da aiki. Watannin baya na ga an sauko da wani sa daga mota da karyayyar ƙafa, ana jansa ana dukansa har aka kai shi wurin yanka. Tun ranar ban iya kai naman sa ko na rago bakina ba. Na koma cin kaza da ƙwai kawai, amma sai nake jin kamar yaudarar kaina nake yi. Yayana ya ce dabba ba ta da hankali, kuma zaki ma nama yake ci. Mahaifiyata ta ce ina neman haramta abin da Allah ya halatta. Ni kuma ina tunanin barin nama gaba ɗaya, ga shi ina shayarwa. Shin dabba tana da haƙƙi a kanmu da gaske? Cin nama zalunci ne?

Ƙanwata, tambayoyi biyu ne suka cuɗe miki wuri ɗaya, kuma cuɗewar ce take hana ki barci. Ta farko ita ce ko ya halatta a wahalar da dabba. Ta biyu ita ce ko ya halatta a kashe ta don a ci, ko da ba a wahalar da ita ba. Ta farkon tana da amsa bayyananniya wadda kusan kowa ya yarda da ita in aka zaunar da shi. Ta biyun kuwa masu ilimi da masu tsoron Allah sun daɗe suna saɓani a kanta. Idan kika raba su, za ki ga akwai abin da za ki iya gyarawa tun yau, akwai kuma abin da ba laifi ki ɗauki lokaci kina tunaninsa.

Bari mu fara da maganar hankali, domin ita ce mafi sauƙin warwarewa. Gaskiya ne sa ba ya lissafi kuma ba ya magana. To amma jaririn da ke hannunki ma ba ya lissafi, ba ya magana, kuma babu mai hankalin da zai ce don haka a bar shi da ciwo. Abin da ya sa muke kiyaye shi daga wuta ko allura shi ne yana jin zafi, kuma zafin yana damunsa. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Jeremy Bentham, ya rubuta a 1789 cewa abin tambaya game da dabbobi ba ko suna tunani ko suna magana ba ne, abin tambaya shi ne ko suna shan wahala. Kafin shi an yi René Descartes na Faransa, wanda ya ɗauki dabba kamar inji mai motsi. Yau da wuya ki sami masanin dabbobi da ke kan ra'ayin Descartes. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka taru a Cambridge suka sa hannu a kan sanarwar cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke sa halitta ta san abin da ke faruwa da ita. A 2022 Birtaniya ta kafa dokar da ta amince dabbobi masu ji ne, har ta haɗa da ƙaguwa da dabbar tekun nan mai hannu takwas da ake kira octopus.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki riƙe, domin ya fi dogon bayani. An buga shi a shekara ta 2000. Masu bincike a Birtaniya suka ajiye wa kajin nama abinci iri biyu, ɗaya an zuba masa maganin kashe zafi, ɗaya babu. Kajin da ke ɗingishi suka riƙa cin mai maganin fiye da yadda lafiyayyun suke ci, kuma da suka ci tafiyarsu ta gyaru. Babu wanda ya gaya wa kazar abin da ke cikin kwanon. Ta ci, ta ji sauƙi, ta koma. Halittar da ke neman magani da kanta tana jin ciwon da take neman maganinsa.

Maganar zaki kuwa ba ta da nisa. Zaki ba shi da zaɓi, cikinsa ba ya rayuwa da ciyawa, kuma ba a ba shi hankalin da zai auna daidai da kuskure ba. Namijin zaki idan ya karɓe garke yakan kashe 'ya'yan wanda ya kora, kuma ba mu taɓa ɗaukar wannan abin koyi ba. Hankalin da yayanki yake alfahari da shi a kan dabba, shi ne ya ɗora masa nauyin da ba a ɗora wa zaki ba.

Addini ma bai bar wannan a buɗe ba. A Suratul An'am, aya ta 38, an kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha har ta mutu, da mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wani hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a yi yanka a kyautata yankan, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Saboda haka abin da idonki ya gani a wurin san nan laifi ne a ma'aunin masanin falsafa, laifi ne a ma'aunin malami. Tausayin da ya kama ki ba rauni ba ne, kuma kada ki bari a mayar miki da shi abin dariya.

Yanzu ga inda zan tsaya sosai, domin a nan ne matakin da kika ɗauka ya juya miki baya ba ki sani ba. Idan wahalar dabba ce ta dame ki, barin naman sa a koma naman kajin gidan gona yana ƙara yawan wahalar ne.

Mu yi lissafin tare. Babban sa guda yakan ba da nama kimanin kilo 200. Kazar gidan gona, bayan an fige an gyara, takan ba da kimanin kilo ɗaya da rabi. A ce a shekara kina cin nama kilo 30. Idan duk na kaza ne, kaji 20 ke nan a shekara. Idan duk na sa ne, sa guda zai ishe ki shekara shida da wani abu. A tsawon wannan lokacin da sa guda zai ɗauke ki, kajin da za a yanka dominki sun haura 130. Wannan ne ya sa a alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin dabbobin tudu fiye da biliyan 80 da ake yankawa a duniya kowace shekara, fiye da biliyan 70 kaji ne.

Yawa kaɗai ba zai isa hujja ba da a ce rayuwar kajin mai daɗi ce. Kazar nama ta zamani an daɗe ana zaɓen irinta don ta yi saurin girma, har ta kai ana yanka ta tana da mako biyar zuwa bakwai a duniya. Wani bincike da aka yi a Kanada ya kwatanta irin 1957 da irin 2005 a kan abinci ɗaya, sai aka ga na bayan ya ninka na farkon fiye da sau huɗu a nauyi. Tsoka tana gudu, ƙashi da zuciya suna binta a baya. Shi ya sa a makonnin ƙarshe da yawansu ke ɗingishi, wasu su zauna su kasa tashi zuwa ga ruwa, wasu zuciyarsu ta gaza. Suna zaune a kan shimfiɗar da kashinsu ya jiƙa, sinadarin da ke tashi daga kashin yana ƙona musu fatar ƙafa da gwiwa da ƙirji. Kaza mai ƙwai a tsohon kejin waya kuwa, filin da take samu bai kai faɗin takardar A4 guda ba, ba ta iya buɗe fiffike, ba ta iya tonon ƙasa, kuma a haka take yin shekara ɗaya ko fiye. Tarayyar Turai ta hana irin wannan kejin tun 2012, amma a wurare da yawa na duniya har yanzu shi ake amfani da shi. 'Yan tsaki maza na irin masu ƙwai, tun da ba sa yin ƙwai kuma ba sa saurin yin nama, yawanci ranar da aka ƙyanƙyashe su ake kashe su.

Ki kwatanta da san da ya yi shekaru yana kiwo a fili cikin garke, sannan ya gamu da mummunar ranar ƙarshe. Ranar nan abin takaici ce kuma dole a gyara ta. Amma kazar da ke cikin rufaffen ɗaki, wahalarta ba ta rana ɗaya ba ce, kuma babu wanda ya gan ta balle ya tausaya. Ido yakan ja zuciya zuwa ga babbar dabba mai kuka da ƙarfi, a manta da ƙaramar da ke shan tata a ɓoye.

Dole in faɗa miki ɗaya gefen don kada in ba ki rabin gaskiya. Ta fuskar ɗumamar yanayi lissafin juyawa yake. Shanu da tumaki suna fitar da iskar metan mai ɗumama duniya daga cikinsu, kuma kilo guda na naman sa ya fi kilo guda na kaza cin ƙasa da gurɓata iska nesa ba kusa ba. Hukumar nan ta abinci ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi ne ke da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, kuma shanu ne kan gaba. Saboda haka ba cewa nake yi ki cika tukunya da naman sa ba. Abin da ke biyan buƙatun biyu tare shi ne rage yawan naman baki ɗaya, sannan abin da ya rage ki san daga inda ya fito.

To, sai tambaya ta biyu, mai wuyar. A ce dabba ta yi rayuwa mai kyau, an yanka ta cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta firgita ba. An zalunce ta?

Masu cewa e suna da hujja mai nauyi. Tom Regan, wani malamin falsafa ɗan Amurka, ya kafa tasa a 1983 a kan cewa dabba kamar sa ko rago tana da rayuwar da take tata, tana tuna abu, tana son wani abu tana ƙin wani, tana da 'yan uwan da ta sani a garke. Wanda yake haka, in ji shi, bai kamata a mayar da shi kayan amfanin wani ba, ko da an yi masa a hankali. Kuma yankan yana raba ta da sauran shekarun da za ta ji daɗinsu, domin kusan duk dabbar da ake ci tana ƙuruciya ake yanka ta. Peter Singer, wanda littafinsa na 1975 ya tayar da wannan muhawara a zamaninmu, ya fi ba da ƙarfi ga wahala, ya ce fifita zafinmu a kan irin wannan zafin a jikin dabba don kawai ba jinsinmu ba ce son kai ne. Suka ƙara da cewa wanda yake da halin samun lafiyayyen abinci ba tare da nama ba, abin da ya rage masa a matsayin dalili shi ne daɗin baki, kuma daɗin baki bai kai rai nauyi ba.

Masu cewa a'a su ma ba shirme suke yi ba. Na farko, mutuwa tana cutar da mutum ta hanyar da ba ta cutar da rago: mutum ya san zai mutu, yana da shirin shekaru masu zuwa, yana da alkawuran da bai cika ba. Na biyu, yawancin dabbobin gida da ba a kiwonsu da ba su zo duniya ba sam, kuma wanda ya kiwata da kyau ya ba su abinci da magani da kariya daga namun daji, abin da 'yan uwansu na jeji ba sa samu. Na uku, akwai ƙasa mai yawa a duniya da ba ta nomuwa, sai ciyawa, kuma dabba ce kaɗai ke mayar da ciyawa da ƙaiƙayi da karan hatsi abincin mutum. Na huɗu, kuma wannan ya fi shafarki, akwai miliyoyin yara da mata masu ciki da masu shayarwa da ɗan nama ko ƙwai ko madara ke tsare su daga tsumburewa da ƙarancin jini. Wanda ke da kantin da zai sayi kowane irin abinci da ƙwayoyin bitamin ba daidai yake da wanda ba shi da su ba. Ga mai imani kuma akwai hujjar da ta sha gaban waɗannan duka, wato Mahaliccin dabbar ne ya ba da izinin cinta.

Ga inda ni na tsaya. Ban ɗauki cin naman dabbar da aka kiwata da kyau aka yanka da tausayi a matsayin zalunci ba. Amma ki lura da abu ɗaya: duk hujjojin nan na masu cin nama, dabbar da ta ji daɗin rayuwarta suke karewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta wanke kejin waya, ko duka, ko cusa dabbobi a mota kwana da kwanaki ba ruwa. Izinin da aka ba mu ya zo da sharaɗin kyautatawa, kuma mutane da yawa sun riƙe izinin sun saki sharaɗin. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a duk wannan batu. Wanda kuma ya auna ya ga zuciyarsa ba za ta ɗauki yanka ba ko wane iri, ina girmama shi, ba na ganinsa a matsayin mai wuce gona da iri.

Game da mahaifiyarki, tsoronta yana da tushe, don haka kada ki shiga gardama da ita. Alƙur'ani ya hana haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa wasu da suka yi niyyar barin aure da barin nama da sunan ibada. Amma shi da kansa an kawo masa naman damo ya janye hannunsa, aka tambaye shi ko haram ne ya ce a'a, ransa ne ba ya so, kuma Khalid bin Walid ya ci a gabansa. Bambancin a nan yake: cewa wannan haram ne, ko barinsa ibada ce, abu ne daban da cewa halal ne amma ni ba zan ci wannan ba saboda yadda aka wahalar da shi. Ki faɗa mata haka da bakinki, a natse. Ki ce kin yarda halal ne, ba kya ganin laifin wanda ya ci, kuma ba za ki hana kowa a gidan ba. In har yanzu hankalinta bai kwanta ba, ku je tare wurin malamin da ta amince da shi.

Sai maganar shayarwa, kuma a nan zan yi miki magana kai tsaye: kada ki bar duk abincin da ke fitowa daga dabba a wannan lokacin ba tare da kin ga likita ba. Babban dalili shi ne bitamin B12. Tsirrai ba sa ba da shi yadda za a dogara, daga nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, ko daga ƙwayar magani. Babba yana buƙatar kimanin maikrogiram 2.4 a rana, mai shayarwa ta ɗara haka kaɗan. Hatsarinsa shi ne hantar babban mutum tana ajiye shi na shekaru, saboda haka uwa za ta iya jin garau alhali nononta ya riga ya yi ƙaranci, shi kuwa jariri ba shi da wata ajiya mai yawa. A jikin babba alamunsa su ne kasala, fari fat na ƙarancin jini, jin kamar ana tsira allura a tafin hannu da ƙafa, da yawan mantuwa. A jikin jariri kuwa sanyin jiki, ƙin cin abinci, da jinkirin zama ko rarrafe, kuma lahanin da yake yi wa jijiyoyi ba kullum yake warkewa duka ba. Ana iya rayuwa lafiya ba nama, mutane masu yawa suna yi, amma da shiri ake yi: wake da dangoginsa don gina jiki, ganyaye da 'ya'yan itace masu tsami tare da abinci don jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, sai B12 a kai a kai. In bayan yaye kika ga har yanzu barin naman ne ya fi kwanta miki, ki nemi gwajin jini kafin ki fara, ki maimaita daga baya.

Kafin lokacin, abin da nake ba ki shawara shi ne ki rage yawa, ki fara rage kajin rufaffen ɗaki da ƙwan keji, ki nemi na sake in da hali. Ki riƙa tambayar mai sayarwa inda dabbar ta fito da wanda ya yanka. Naman ma yana ba da labari ga mai dubawa. A jikin kaza, baƙin tabo a gwiwar ƙafa ko a tafin ƙafa shaidar doguwar zama a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce, karyayyen fiffike mai taruwar jini kuma shaidar an cafke ta da ƙarfi tana da rai. A naman sa, taruwar jini a cikin tsoka alamar duka ce ko faɗuwa a mota. Naman da ya yi duhu sosai, ya yi tauri, ya bushe a fuska, sau da yawa na dabbar da ta galabaita ne kafin yanka, domin doguwar wahala tana ƙone sukarin da ke cikin tsoka, kuma irin wannan naman yana saurin lalacewa. Mahaucin da ya ga masu saye suna ƙin irinsa zai fara kula da yadda ake sauke dabbobinsa.

Idan kuma a gidanku za a yi yanka, a nan kina da bakin magana fiye da ko'ina. A ba dabbar ruwa da inuwa, a bar ta ta huta in daga tafiya take, a kora ta a hankali ba a ja ta da ƙafa ko kunne ba. A wasa wuƙa tun kafin a kawo ta, kada ta ga ana yanka wata, a ba wanda ya iya ya yi da jan hannu ɗaya mai zurfi, kuma kada a fara fiɗa sai motsi ya tsaya cak. Sa yakan fi rago daɗewa kafin ya fita hayyacinsa, saboda akwai wasu jijiyoyin jini a bayan wuyansa da ke ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa, don haka shi ya fi buƙatar gwani da haƙuri. Ki nemi yayanki ya tsaya a kan waɗannan da kansa ranar da za a yi, tun da shi zai fi kusa da masu riƙe igiyar.